Ranar da Bouba Ya Buɗe Idon Idrisa

Ruwa aka kwana ana yi, bai ɗauke ba sai da hantsi. Da ya ɗauke, rana ta fito da fushi kamar an tsokane ta, ƙasar unguwar Nkembo ta shiga yin tururi, kwanon rufin shaguna ya yi zafin da kaza ba ta iya takawa. Ga shi azumi ya kai goma sha. Bakin kowa ya bushe, ran kowa kuma a wuya yake, domin a watan nan ne wa'adin da aka ba baƙi a Libreville yake cika: mai takardar zama ya zauna, wanda ba shi da ita ya nemi hanyar garinsu, ko a nema masa.

Bouba yana cikin waɗanda ba su da ita. Mutumin Garoua ne ta ƙasar Kamaru, dogo, mai ƙarancin fara'a. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin tiyata a can gida, ba likita ba, mai taimakon mai sa barci. Aikinsa shi ne ya tsaya wajen kan wanda ake yi wa aiki, yatsunsa a kan jijiyar wuya ko ta hannu, yana ƙidaya bugun zuciya, lokaci-lokaci ya ɗaga fatar ido ya duba. Da aka ce arziki ya ɓarke a Gabon ya biyo mutane, ya samu aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Akébé. Sai aka karya darajar kuɗin sefa. Magani ya yi tsadar da mai asibitin ya kasa, ya rufe, ya sallami kowa. A madadin sallama ya ce su kwashi abin da ya rage a kabad. Wasu suka ɗauki zannuwa. Bouba ya ɗauki 'yan allurai da sirinji ya zuba a gwangwanin biskit. Takardarsa kuwa tana hannun asibitin, da asibitin ya mutu ita ma ta bi shi.

Mutanen unguwa ba su taɓa son sa ba, shi ma bai taɓa neman su so shi ba. Laifinsa na farko, ba ya yi wa mutum allura don ya roƙa. Ɗan kasuwa zai zo ya ce jikinsa ya mutu, a yi masa ta ƙarfi, Bouba ya ce, "Je ka yi barci." Laifi na biyu ya fi wannan. Shekarun da ya yi a tiyata sun bar masa wata ɗabi'a: in ya ba ka hannu, sai ka ji yatsarsa ta zame ta kwanta a wuyan hannunka, idonsa kuma cikin naka. Shi bai ma san yana yi ba. Da farko aka ce maita ce. Da aka shiga kamen baƙi sai zancen ya sauya. An ga wani mai kaki ya tsaya ya gaishe shi da Faransanci, wanda Bouba ya taɓa jinyar uwarsa, kashegari kuma aka ɗauke Amadou tela. Shi ke nan, Bouba ya zama ɗan rahoto. Wanda ya fi kowa yayata haka shi ne Idrisa, mai jiran shagon Alhaji Abdulkuddus, kuma mijin Rauda, ƙanwar Alhajin. Sau biyu yana tofar da yawu in Bouba ya wuce.

Shi Alhaji Abdulkuddus Bakano ne, mai shagon kayan masarufi, takardunsa cif. Tun da kuɗi suka karye, maganin sauro na gwangwani ya fi ƙarfin talaka, sai ya samo wata hanya. Yana sayo maganin feshin gona a jarka daga wajen Ntoum, ya ɗura a ƙananan kwalabe ya sayar a ɓoye, a yayyafa a ɗaki saboda sauro da kyankyaso. Jarkokin suna cikin wata tsohuwar kwantena a bayan shago. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Ran nan, bayan ruwa ya ɗauke, motar masu kame ta tsaya a bakin layi. Kafin ka ce kwabo layin ya watse. Bouba yana ɗakinsa, ya ja sakata ya zauna a bakin gado. Ya ji zuciyarsa tana dukan haƙarƙarinsa, harshensa ya manne da ganɗa. Ya ɗora yatsa a wuyan hannunsa ya ƙidaya, don ba shi da abin yi. Ɗari da goma. Masu kamen sun yi kusan awa guda suna bi ƙofa-ƙofa, suka cika mota suka tafi, ba su kai ga tasa ba.

Bai daɗe da buɗe sakata ba ya ji hayaniya daga bayan shagon Alhaji, da dariya a ciki. Ya leƙa. An kewaye wani abu a ƙasa. Ashe da motar ta tsaya, Alhaji ya tura Idrisa cikin kwantena, don shi ma ba shi da takarda, ya datse da kwaɗo ta waje, yanzu ne aka buɗe aka jawo shi.

"Kai, jarumin maza!" in ji wani mai sayar da takalma, ya toshe hanci. "Ko ganin su bai yi ba, ya saki a wando."

"Ku zuba masa ruwa," in ji Alhaji. "Tsoro ne da azumi. Kai Idrisa, tashi, sun tafi. Ka ba ni kunya."

Bouba ya so ya koma ɗaki. Mutumin da ya tofa masa yawu, ina ruwansa? Amma wani abu ya riƙe masa ƙafa. Daga inda yake yana hango bakin Idrisa, yawu yana dalala har ƙasa, hanci yana zuba, hawaye yana bin kunne. Mai azumi tun asuba, a wannan zafi, a cikin akwatin ƙarfe, ina ya samu wannan ruwa?

Ya ratsa mutane ya durƙusa.

"Wa ya kira ka?" in ji Alhaji. "An gama kai rahoton ne, aka zo ganin sakamako?"

Bouba ya kama hannun Idrisa, ya dubi agogo. Jijiyar tana bugawa kamar mai jin barci, ta buga, ta tsaya tunani, ta sake bugawa. Arba'in da huɗu. Ya kare rana da jikinsa, ya ɗaga fatar idon. Baƙin da ke tsakiyar ido ya tsuke ya zama ɗigo, kamar an taɓa da bakin allura, a inuwa ma bai buɗe ba. Ya kara kunne a ƙirji, ya ji numfashi yana ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke. Cikin kuwa ko kunne ba ya bukata, ƙugin hanji ana jin sa daga tsaye. Sai warin ya doke shi, wari mai kama da kananzir da tafarnuwa, daga wandon da ya jiƙe tun daga ƙugu har gwiwa.

"Wannan ba tsoro ba ne," ya ce.

"To, Dokta ya yi magana," in ji mai takalma. Aka yi 'yar dariya.

Bouba ya miƙe, ya cafki hannun mai takalman kafin ya janye. "Kai da ka ɓuya a masai, ji taka jijiyar. Har yanzu gudu take yi. Da kuka fito daga maɓoya, bakin wa ke da yawu? Jijiyoyi iri biyu ne Allah Ya sa a jikin mutum da ba sa neman izininsa. Ɗaya kamar totur take. In ka ga abin tsoro ita ke tashi, zuciya ta yi gudu, ido ya buɗe ya yi faɗi, baki ya bushe, hanji ya dakata da niƙa. Ɗayar birki ce, ta lokacin da ka ci ka ƙoshi ka kishingiɗa. Ita ke rage zuciya, ta tsuke ido, ta kawo yawu, ta sa hanji tafiya. Ku dube shi. Wace ce a kansa?"

"Ni na ga wanda tsoro ya sumar," in ji Alhaji. "Na ga wanda ya yi zawo a gaban soja."

"Ana yi. Amma mai suman tsoro in ya kwanta, kafin ka karanta Fatiha uku ya farfaɗo. Kuma idonsa ba ya zama haka, ƙirjinsa ba ya cika da ruwa. Wannan an taka masa birki an ƙi ɗagawa. Me ya zube masa a ciki, Alhaji?"

"Shinkafa da sabulu ne a ciki."

"Shinkafa ce ke wannan wari?"

Nan Rauda ta iso da gudu, mayafi a hannu, wata maƙwabciya na biye da ita da kwalbar manja da gwangwanin madara. Domin haka aka saba, in an ce guba, a ɗura manja. Har an tallafo kan Idrisa, Bouba ya sa hannu ya ture kwalbar ta faɗi a taɓo.

"Mutumin da ba ya iya haɗiye yawunsa za ku ɗura wa mai? Huhunsa zai tafi. Ku tuɓe shi. A kawo ruwa da sabulu. Wanda zai taɓa wandon nan ya sa leda a hannu."

"A tuɓe shi a gaban jama'a?" Alhaji ya daka tsawa. "Kai, mai sharar asibiti, surukina ne!"

"Yaya," in ji Rauda, "me ke cikin kwantenar?"

"Ke, rufe mini baki."

Ta dube shi, ta dubi mijinta, naman fuskarsa da na cinyarsa suna ta motsi su kaɗai kamar akwai tsutsa a ƙarƙashin fata. Sai ta shimfiɗa mayafinta ta kare shi, ta ce wa matan su juya baya. Ita ta zare wandon, ita ta wanke shi. Bouba ya ruga ɗaki ya dawo da gwangwanin biskit.

A ciki akwai 'yan kwalaben allura guda shida na wani magani da ake kira atirofin. A tiyata shi ake miƙawa in zuciya ta yi sanyi. Bouba ya san yadda irin wannan guba take aiki. Duk saƙon da jijiyar birki ta aika, akwai abin da ke share shi nan take, don kada ya taru. Gubar ita ke kashe mai sharewar, saƙo ya yi ta taruwa a kan zuciya da hanji da ido da huhu. Atirofin ba ya fitar da guba, ba ya kuma taka totur. Toshe musu kunne yake yi, su daina jin kiran birki.

"Kada ka soka masa komai," in ji Alhaji, ya tsaya a kansa. "In ya mutu, kai ka kashe shi, kuma gaban kowa."

"In ban soka ba, kafin la'asar kai ka kashe shi. Matsa, ka tare mini haske."

Ya sami jijiya a gwiwar hannu, ya tura biyu. Ya riƙe hannun, ido a kan agogo. Mutane suka matso, ba don fatan alheri ba, don su ga ƙarshensa. Minti biyar. Hamsin da biyu. Ya kara kunne, ƙirji na nan yadda yake. Ya fasa huɗun da suka rage ya tura duka.

"Zai ƙarar da shi," wani ya ce daga baya.

Bayan wasu mintuna jijiyar ta fara ɗaga ƙafa. Sittin da takwas. Saba'in da huɗu. Yawun ya ragu. Idrisa ya buɗe ido, ya ga fuskar da ke kansa, ya yi yunƙurin janye hannunsa, ƙarfi bai kai ba.

"Alhamdu lillahi, ya tashi," in ji Alhaji da sauri. "A kai shi ɗaki. Kowa ya kama gabansa."

"Ba ɗaki ba, asibiti."

Kalmar ta faɗa cikin mutane kamar dutse a rijiya. A kwanakin nan kowa ya san akwai masu kaki a ƙofar manyan asibitoci.

"Na ce ya tashi!"

"Maganin zai sake shi, gubar ba za ta sake shi ba. Ƙirjinsa bai bushe ba, kuma gwangwanina ya ƙare. Irin wannan yakan sha kwalba talatin, hamsin, kwana da kwanaki. Ga wani abu kuma, wannan rawar naman da kuke gani, allurata ba ta taɓa ta. In ta kai ga naman da ke jan numfashi, sai inji. Ina da inji a ɗakina?"

"Ka ji ko?" Alhaji ya juya ga jama'a, ya buɗe hannuwa. "Ba su same shi a kwantena ba, shi zai kai musu shi har ƙofa. Daga nan kuma su biyo sawu su zo nan. Wa ya rage a layin nan da ba zai shafa ba?"

Aka fara guna-guni. Wani ya ce a kira malam. Wani ya ce ɗan Kamaru ba ya jin zafin ɗan Najeriya. Bouba ya ji zuciyarsa ta sake ɗaukar gudu, bakinsa ya bushe ƙamas. Ya san abin da ke jiran sa a waccan ƙofa fiye da yadda suka sani.

Ya dubi Rauda. "Mijinki ne. In an kore shi, a Kano za ki gan shi. In ya kwana a ɗaki, a nan za ki bar shi."

Ta tashi, ƙafa ba takalmi, ta nufi bakin titi tana ɗaga wa tasi hannu.

Saura abu ɗaya. Likita zai so ya san sunan gubar, domin akwai wani maganin da ake haɗawa da shi in an san irinta. Bouba ya nufi kwantena. Alhaji ya riga shi, ya tare ƙofar da jikinsa.

"Ka taka nan, wallahi sai dai a ɗauki gawar ɗayanmu."

"Takardar jikin jarka kawai nake so."

"Takardar da za a ɗaure ni da ita."

Bouba ya fi shi tsawo, kuma shekara goma sha tara yana ɗaga majinyata daga gado zuwa gado. Ya ɗauke shi kamar buhu ya ajiye gefe. Ya ja numfashi ya riƙe, ya shiga. Jarka ɗaya tana kwance, murfinta a kwance, Idrisa ya ture ta a duhu. Ya sa leda ya ɓanɓare takardar ya fito. Wani ya jefe shi da ɓawon kwakwa, ya same shi a kafaɗa. Ba wanda ya kama masa Idrisa. Shi da Rauda da direban tasi, wani Bagabone da bai san kowa a cikinsu ba, su suka sa shi a mota.

A hanya Bouba ya kwantar da shi ta gefe, kansa a cinyarsa, yana share masa baki. Kafin su isa jijiyar ta fara komawa baya. Sittin. Hamsin da shida.

A ƙofar asibiti mai kaki ya leƙo ya ce takardu. Bouba ya ce da Faransanci, "Ka bar ni in kai shi ciki, in dawo in ba ka amsa." Mutumin ya dubi kumfar da ke bakin Idrisa, ya ɗaga sandan da ke tare ƙofar. Likitar da ke aiki mace ce. Bouba ya miƙa mata takardar jarka, ya faɗa mata awa nawa, bugu nawa, allura nawa, a jere kamar yadda aka koya masa. Ta ɗaga idon Idrisa, ta kara abin saurare a ƙirji, ta ƙwala kira a kawo atirofin, duk wanda ke cikin kabad. Sannan ta dubi Bouba ta ce, "A ina ka yi aiki?" Ya faɗa mata. Ta ce ya tsaya ya riƙe mata hannun.

Ya tsaya har bayan la'asar. A gabansa ƙirjin ya bushe, zuciya ta haura tamanin ta zauna, fatar ta yi zafi ta bushe. Can baƙin idon ya soma buɗewa, shi ne na ƙarshe. Idrisa ya fara sambatu yana kama iska, Rauda ta firgita ta ce ya haukace. Bouba ya ce mata aikin maganin ne, an cire birki, totur ya rage shi kaɗai, zai wuce. Sannan ya wanke hannu, ya fita wajen mai kaki, domin ya ce zai dawo.

Idrisa ya yi kwana biyu a kan injin numfashi, ya yi sha ɗaya a gado. Takardar jarka ta bi hanyar da Alhaji ya ce za ta bi. Aka zo aka kwashe kwantena, aka rufe shagon wata uku, aka tafi da mutum huɗu daga layin waɗanda suka tsira a kamen farko. Mutanen Nkembo suka ce ai ga shi, dama sun faɗa. Da aka sallami Idrisa aka haɗa shi da jirgin ruwan da ke kwasar 'yan Najeriya, Rauda ta bi shi. Waɗanda suka yi tafiya tare sun ce ko sau ɗaya bai ambaci sunan Bouba ba, da alheri ko da sharri. Alhaji ya sake buɗe shago, kuma har ya bar garin, in an ambaci Bouba sai ya ce, "Wannan munafukin."

Bouba kuwa ya yi kwana tara a tsare, aka sa shi da sauran waɗanda aka kama a babbar mota zuwa iyakar Kamaru. Kayan ɗakinsa ba wanda ya aika masa. Yanzu yana Garoua, a gidan ƙanensa, idonsa ɗaya ya mutu. Ranar kasuwa yakan zauna a wani ɗakin shan magani a bayan gari, inda manoman auduga suke zuwa, yana auna musu jini.